Darasin Lissafi: Yadda Ake Bin Takardar Banki Layi Bayan Layi

Darasinmu na wannan fitowa a kan takardar nan ne da banki ke bayarwa, wadda ke nuna abin da ya shiga asusun mutum da abin da ya fita. Da yawa daga cikinmu idan suka karɓe ta, ƙasan shafin ƙarshe kawai suke dubawa. In adadin da ke wurin ya yi kusa da abin da suke tsammani, sai a ninke ta a sa aljihu, shi ke nan. In kuwa ya gaza, sai rai ya ɓaci, a shiga zargin yaro ko dillali ko banki, alhali ba a san ranar da kuɗin suka ɓace ba, balle hanyar da suka bi.

Wanda ya taɓa kora shanu a ƙasa ya san ba a jira sai an isa kasuwa kafin a ƙirga. A kowane zango ana ƙirgawa. In an tashi da arba'in, aka kwana a zango na uku aka ga talatin da tara, an san tsakanin zango na biyu da na uku aka yi ɓatan, can za a koma nema. Takardar banki ma haka aka tsara ta. Bayan kowane shigar kuɗi ko fitarsu, banki yana rubuta abin da ya rage a ƙarshen layin. Wannan shi ne saura, wasu su ce balas. Aikinmu shi ne mu tabbatar sauran kowane layi ya fito daga sauran layin da ke bisansa.

Gidajen takardar

Akasarin masu kai dabbobi Legas ko Ibadan ko Fatakwal suna da asusun naira, ko nasu na kansu ko na wakilinsu da ke can. Takardar bankin Najeriya da Turanci take zuwa, amma ba sai ka iya Turanci ba. Kalmomi uku za ka riƙe. Gidan da aka rubuta wa `Credit` a kai, shi ne na kuɗin da suka shigo. Wanda aka rubuta wa `Debit`, na kuɗin da suka fita ne. Na ƙarshe daga dama, `Balance`, shi ne saura. Wasu bankunan suna rubuta `Deposits` ko `Lodgements` a gidan shiga, `Withdrawals` a gidan fita, duk abu ɗaya ne. A takardar sefa kuma `Crédit` da `Débit` da `Solde` za ka gani. Akwai gidan kwanan wata daga hagu, da gidan bayani inda ake rubuta sunan wanda ya turo ko wanda aka tura wa.

A saman shafin farko akwai adadin da aka buɗe wata da shi, `Opening Balance`. Kafin ka taɓa komai, ɗauko takardar watan jiya ka duba adadin da ta rufe da shi. Dole su zama ɗaya har kwabo. In ba su zama ɗaya ba, to akwai kwanakin da ba su shiga ko wace takarda ba, kuma duk lissafin da za ka yi bayan nan gini ne kan rairayi. Wannan yakan faru idan aka buga maka takarda ɗaya zuwa 28 ga wata, ta biye kuma aka faro ta daga 1 ga sabon wata.

Ƙa'idar lissafin guda ɗaya ce tak, ita za ka yi ta maimaitawa har ƙarshen takarda:

sauran layin bisa + abin da ya shigo − abin da ya fita = sauran wannan layi

Kayan aiki su ne fensir, da na'urar lissafi ko ta cikin waya ce, da rula ko wata takarda da za ka rufe layukan ƙasa da ita. Wannan rufewa ba wasa ba ce. Lambobin banki ƙanana ne, layukan a matse suke, ido yana tsallakawa daga wannan layi zuwa wancan ba tare da mai shi ya sani ba. Ka zauna inda ba hayaniya, ba ranar kasuwa ba.

Misalin da za mu bi

Mu ɗauki wani falke na Maraɗi da ya loda shanu ya tura Legas cikin watan Maris na 2025. Bai bi motar ba. Yana da wakili a can mai karɓar kuɗi daga hannun mahauta, yana zuba su cikin asusun da suka buɗe saboda wannan fatauci, kuma shi ma wakilin yana da ikon tura kuɗi daga ciki. Da wata ya ƙare sai wakilin ya ɗauki hoton takardar banki, shafi biyu, ya aiko ta waya. Misali ne muka tsara domin koyo, adadin da ke ciki ba farashin kasuwa ba ne, kuma mun bar kuɗin saƙon waya a waje don kada layuka su yi yawa. An buɗe wata da naira 2,400,000.00.

| Layi | Rana | Bayani | Fita | Shiga | Saura |
|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 3 | daga mahauci | | 4,750,000.00 | 7,150,000.00 |
| 2 | 3 | haraji | 50.00 | | 7,149,950.00 |
| 3 | 4 | zuwa ga mai mota | 1,300,000.00 | | 5,849,950.00 |
| 4 | 4 | kuɗin turawa | 53.75 | | 5,849,896.25 |
| 5 | 5 | zubin tsaba | | 3,620,000.00 | 9,469,896.25 |
| 6 | 6 | zuwa ga ɗan canji | 6,000,000.00 | | 3,469,896.25 |
| 7 | 6 | kuɗin turawa | 53.75 | | 3,469,842.50 |
| 8 | 8 | daga mahauci | | 2,850,000.00 | 5,419,788.75 |
| 9 | 8 | haraji | 50.00 | | 5,419,738.75 |
| 10 | 31 | kuɗin riƙon asusu | 8,200.00 | | 5,411,538.75 |
| 11 | 31 | harajin bisansa | 615.00 | | 5,410,923.75 |

To, bismillah. Ka buga 2,400,000 a na'ura. Layi na 1 shiga ne, sai ka ƙara 4,750,000. Na'ura ta ba da 7,150,000, takarda ma haka ta ce. Ka yi ɗan maki da fensir a gefen layin, ka saukar da rula. Layi na 2 fita ne, ka cire 50, ya rage 7,149,950, ya dace. Layi na 3 ka cire 1,300,000 na mai mota, ya rage 5,849,950. Layi na 4 ka cire 53.75, ya rage 5,849,896.25.

Nan wasu za su ce, mutumin da ke juya miliyoyi me zai yi da naira hamsin da uku da kwabo saba'in da biyar? Kada ka yar da su. In ka fara cika lamba kana zubar da kwabbai, kafin ka kai layi na goma na'urarka ta rabu da takarda, ba kuma za ka san ko kai ne ka kauce ko takardar ce ba. Ban da haka, ƙananan kuɗin nan su ne sawun da manyan kuɗi ke bari a baya, kamar yadda za ka gani yanzu. Ita 53.75 ɗin ga asalinta: a ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar ta fara aiki a 2020, tura kuɗin da suka haura naira 50,000 zuwa wani banki ta waya ko na'ura naira 50 ne, a kansa kuma akwai harajin nan da ake rubutawa `VAT`, kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 3.75. Wasu bankunan suna haɗa su layi ɗaya, wasu suna raba su biyu. Ita kuwa naira 50 ta layi na 2 da na 9, harajin gwamnati ne a kan turawar da ta kai naira 10,000. A 2025 wanda aka turo wa ake cire wa, daga Janairun 2026 aka mayar da shi kan mai turawa.

Mu ci gaba. Layi na 5 ka ƙara 3,620,000, ya zama 9,469,896.25. Layi na 6 ka cire miliyan shida da aka ba ɗan canji domin ya biya sefa a gida, ya rage 3,469,896.25. Layi na 7 ka cire 53.75, ya rage 3,469,842.50. Har nan lafiya lau, nan ne kuma shafin farko ya ƙare.

Layi na 8 shi ne na farko a shafi na biyu. Ka ƙara 2,850,000 a kan 3,469,842.50. Na'ura ta ce 6,319,842.50. Takarda ta ce 5,419,788.75. To, ga wurin.

In layi ya ƙi dacewa

Abu na farko, kada ka ɗaga waya ka kira kowa tukuna. Ka share na'ura, ka sake buga sauran layi na 7 kamar yadda yake a takarda, ka sake ƙarawa. Sau da dama yatsa ne ya zame. In ya sake ba da adadin farko, sai ka cire ƙarami daga babba ka rubuta bambancin a gefe. A nan 6,319,842.50 a cire 5,419,788.75, saura 900,053.75.

Abu na biyu, kada ka tsaya a nan. Ka zagaye layin, ka ɗauki sauran da banki ya buga a layi na 8, ka ci gaba da shi har ƙasa. Dalili shi ne kana son sanin ko giɓi ɗaya ne ko suna da yawa. Layi na 9, da na 10, da na 11 duk sun dace. Ke nan matsalar wuri ɗaya take, tsakanin 6 ga wata da 8 ga wata.

Yanzu ka dubi bambancin da kyau, don yana magana. 900,053.75. Wutsiyar nan ta 53.75 mun riga mun gamu da ita sau biyu, kuma kowane lokaci tana biye da kuɗin da aka tura wa wani. Ashe ba layi ɗaya ne ya ɓace ba, biyu ne: turawar naira 900,000 da kuɗin turawarta. Da tsaba aka ɗiba a kanta, da wannan wutsiya ba ta fito ba. Falken namu bai bar Maraɗi ba, bai je banki ba, amma ya riga ya san adadin, ya san turawa aka yi, ya kuma san tsakanin waɗanne ranaku.

Akwai shaida ta biyu a layi na 10. A asusun kasuwanci irin wanda ake ba da caki, ƙa'idar nan ta 2020 ta yarda banki ya caji abin da bai wuce naira ɗaya ba a kan kowace naira dubu da mai asusu ya fitar. Turawar da muke gani a takarda biyu ce, 1,300,000 da 6,000,000, jimla 7,300,000. Da su kaɗai ne, da cajin bai wuce 7,300 ba. Amma banki ya cire 8,200, abin da ke nuna 8,200,000 suka fita. Bambanci 900,000 cif. Wannan shaidar kada ka dogara da ita ita kaɗai, don ana iya daidaitawa da banki a biya ƙasa da haka, wasu kuma ba ƙarshen wata suke cirewa ba. Amma idan ta zo ta tarar da ta farko, magana ta ƙara ƙarfi.

Me ya sa muka ce layi ya ɓace, ba mu ce banki ya yi kuskuren lissafi ba? Zamanin da ma'aikaci ke cika littafin ajiya da biro, kuskuren tarawa yana yiwuwa. Yanzu na'ura ce ke fitar da saura, kuma da wuya ƙwarai ka same ta ta tara ba daidai ba. Don haka idan sarƙa ta tsinke, abin da ya fi yawa shi ne takardar da ke hannunka ba cikakkiya ba ce. Ko dai shafi ya faɗi, ko mai ɗaukar hoto ya yanke ƙasan shafi, ko wurin bugawa layin ƙarshe bai fito ba, ko kuma, Allah ya kiyaye, wani ya goge layi da gangan. Mai gogewa yakan iya cire layi, amma gyara duk sauran da ke ƙasansa har ƙarshen takarda aiki ne mai wahala, yawanci a nan asiri ke tonuwa. A misalinmu giɓin ya faɗo daidai mahaɗar shafi biyu, wanda hakan yana iya zama yankewar hoto kawai. Shi ya sa ba a fara da zargi. Ka duba lambar shafi, in an rubuta `Page 1 of 3` kai kuma biyu aka aiko maka, ka san inda aka dosa.

Sauran alamun bambanci

Ba kullum bambanci ke zuwa da wutsiya mai faɗin sunanta ba. Ga dabaru biyu da akantoci suka daɗe suna amfani da su, kuma yawanci kuskuren mai lissafin suke kamawa, ba na banki ba.

Ka raba bambancin biyu, ka nemi rabin a takarda. In ka same shi, to ka ƙara abin da ya kamata ka cire ne, ko ka cire abin da ya kamata ka ƙara. Misali a layi na 3, in mutum ya ƙara kuɗin mai mota maimakon ya cire, zai ga ya ɗara takarda da 2,600,000, wato 1,300,000 sau biyu.

In wannan bai yi ba, ka raba bambancin da tara. In ya rabu ba ragowa, akwai alamar an juya lambobi biyu. Kamar a layi na 5 a buga 3,260,000 a maimakon 3,620,000. Bambancin 360,000 ne, a raba da tara ya ba da 40,000 ba saura. Haka ma in sifiri ɗaya ya faɗi: 285,000 a maimakon 2,850,000, bambanci 2,565,000, a raba da tara sai ga 285,000 ɗin ta fito da kanta. Wannan na sifiri ya fi kama mu da muke yawo tsakanin kuɗi biyu. Takardar naira tana raba dubbai da waƙafi, ta sa ɗigo kafin kwabbai. Takardar sefa kuwa da ɗigo ko da ɗan fili take raba dubbai, ba kuma kwabbai a ciki. Wanda idonsa ya saba da ɗaya yana iya ƙirga sifirai biyun kwabbai cikin kuɗi. Ga kuma bakinmu: jika a Nijar sefa dubu ce, jaka a tsohon lissafin Najeriya naira ɗari biyu ce. A kasuwa ka yi ciniki da bakin da ka ga dama, amma a littafi ka rubuta lamba yadda banki ke rubutawa, ka sa alamar ko naira ce ko sefa.

Akwai kuma abubuwan da ke kama da matsala amma ba ita ba ne. Wasu takardun, musamman waɗanda ake ciro wa daga waya, sabon layi ne a bisa, tsoho a ƙasa. In ka bi irin wannan daga sama komai zai ƙi dacewa, sai ka faro daga ƙasa ka hau. Turawar da ta gaza kuma tana barin layi biyu: kuɗin sun fita, sannan sun dawo, galibi da kalmar `Reversal` ko `RVSL` a gidan bayani. Ka lissafa duka biyun, kada ka tsallake su don sun kashe juna, ka kuma duba ko kuɗin turawar ma an maido. In asusu ya shiga bashi, saura yakan zo da alamar ragi a gaba ko `DR` a baya, a nan shigar kuɗi rage adadin take yi. Sai batun caki. Yakan bayyana a takarda kafin ya nuna, don haka abin da waya ke ce maka za ka iya ɗiba yakan gaza abin da ke gidan saura. In cakin ya dawo ba a biya ba, za ka ga an cire adadin a wani layi na gaba.

Gwajin jimla

Da ka gama bin layuka, akwai gwaji na minti biyar da ke rufe aikin. Ka tara duk gidan shiga, ka tara duk gidan fita. A misalinmu shiga ya kama 11,220,000.00, fita ya kama 7,309,022.50. Ka ɗauki 2,400,000 na buɗewa, ka ƙara shiga, ka cire fita, za ka sami 6,310,977.50. Takarda ta rufe da 5,410,923.75. Bambanci 900,053.75, shi ne dai na ɗazu, wanda ya tabbatar ba wani giɓin da ya kuɓuce maka. Bankuna da yawa suna buga jimlar shiga da jimlar fita a saman shafin farko ko a ƙarshe. A cikakkiyar takardar wannan asusu jimlar fita 8,209,076.25 za ta nuna, ba abin da ka tara ba.

Wani zai ce, tun da gwajin jimla yana kama giɓi, me ya sa zan sha wahalar bin layi ɗaya ɗaya? Saboda jimla tana gaya maka an yi ɓata ne kawai, ba ta gaya maka a ina ba. Kuma giɓi biyu suna iya rufe juna. In shigar 900,000 ta ɓace a farkon wata, fitar 900,000 ta ɓace a ƙarshensa, jimla za ta fito tsaf kamar ba abin da ya faru.

Wannan gwaji ya fi zama dole ga masu asusun sefa. Takardun da aka tsara irin na Faransa, da yawansu ba sa buga saura a kowane layi. Za ka ga tsohon saura a sama, `Ancien solde` ko `Solde précédent`, sai jerin shiga da fita, sai `Nouveau solde` a ƙasa. In taka haka take, ka ja layi da rula a gefen dama, ka buɗe gidan saura da kanka, ka cika shi da fensir layi bayan layi, ka ga ko za ka sauka kan adadinsu na ƙarshe. Ka lura kuma da ranaku biyu da suke bugawa, ranar da aka yi aikin da kuma `Date de valeur`. Ta biyun don lissafin ruwa da cajin bashi ce. Kai ka bi jerin layukan yadda aka buga su. Tun watan Oktoba na 2014 babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma ya sa takardar wata cikin ayyukan da bankuna za su yi kyauta, sau ɗaya a wata, don haka a Maraɗi ko Damagaram ko Ƙonni ba ka da dalilin barin taka a banki.

Lissafi ya dace, kuɗin fa?

Akwai iyakar wannan aiki da ya kamata a faɗa a fili. Sarƙa tana iya dacewa tun daga sama har ƙasa, amma a ciki akwai layin da ba naka ba. In aka cire kuɗin mai mota sau biyu, na'ura za ta rage su sau biyu daidai wa daida, saura ba zai nuna komai ba. In wakili ya karɓi 3,800,000 a kara ya zuba 3,620,000, layi na 5 zai dace sumul, don banki abin da aka miƙa masa ya rubuta. Saboda haka bayan makin farko na lissafi, kowane babban layi yana buƙatar maki na biyu: ka nemo shi a littafinka, ko a rasit ɗin zubi mai hatimi, ko a lissafin da dillali ya bayar na kawunan da aka sayar. Layin da ya sami maki biyu ya wuce. Wanda ke takarda ba ya littafi, ka tambaya. Wanda ke littafi ba ya takarda, shi ya fi haɗari, don a nan ne alat na ƙarya ke ɓoyewa. Mai saye ya nuna maka saƙo a waya cewa ya turo, ka saki shanu, alhali saura bai motsa ba. Saƙon waya kowa na iya ƙirƙirarsa. Abin da ya shiga gidan shiga ya kuma ɗaga saura, shi ne kuɗi.

Matakin da falken zai ɗauka

Da farko ya nemi wakili ya sake aiko takardar, wannan karon ainihin wadda banki ya turo, ba hoto ba, ba kuma wadda aka sake bugawa a shago ba. Zai iya cewa kawai, “Malam, ƙasan shafin farko bai fito ba, a sake turo mini.” In yankewar hoto ce, layukan 7 ga wata za su fito, da sunan wanda aka tura wa 900,000 ɗin. Wataƙila kuɗin abincin dabbobi ne da na fatoma da aka manta ba a faɗa ba, wataƙila kuma ba haka ba. Ko ma mene ne, yanzu tambaya ce mai rana da adadi da suna, irin wadda za a iya zama a kanta gaban shugabannin ƙungiya in ta kai ga haka.

In sabuwar ta zo giɓin yana nan, sai mai sunan asusun ya je reshen banki da kansa da katin shaidarsa, ya nemi a buga masa ta waɗannan kwanaki, a sa hatimi da sa hannu a kowane shafi. Banki ba ya ba wanda sunansa ba ya kan asusu takarda, ko da shi ne mai shanun. Duk mai zuba dukiyarsa a asusun wakili ya riƙe wannan tun kafin mota ta tashi, ya sa a buɗe asusun da sunansa a ciki.

In kuwa takarda mai hatimin ce da kanta ta ƙi dacewa, ko ta nuna fitar da ba wanda ya ba da izninta, sai a rubuta ƙorafi. A sa lambar asusu, da rana, da adadin, da sauran da ke bisa da wanda ke ƙasa, a haɗa da kwafin shafin da aka zagaye. A yi kwafi biyu, su buga hatimin karɓa a kan ɗaya ka tafi da shi. Maganar baki a kanta ba ta da sawu, gobe ma'aikacin na iya canza reshe. A Najeriya in mako biyu suka wuce banki bai warware ba, ana iya kai ƙara sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin ƙasar, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar ka kai wa bankinka tukuna. Ka kuma karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar. Bankuna da dama suna sa wa'adin kwanaki na kawo gyara, in ya wuce su ɗauka ka amince da abin da ke ciki. Don haka wanda ke loda mota kowane mako kada ya jira ƙarshen wata, ya nemi takarda bayan kowace tafiya, tun layukan ba su wuce ashirin ba, tun kuma dillali da mahauci suna tune da cinikin.